Yadda ake kafa filtar laka ta gida gaba ɗaya da gane lokacin sauya kyandir

Idan yashi yana taruwa a gindin bokiti, ko ramukan shawa suna toshewa duk bayan 'yan makonni, ko tankin masai ya ƙi rufe ruwa saboda tsakuwa ta maƙale a bakin bawul, abin da gidan yake buƙata shi ne filtar laka a kan babban bututun da ke raba ruwa. Sassanta uku ne. Akwai kai, wanda yake manne da bututu, da ƙofar shiga da ta fita. Akwai kofi, wanda ake murɗawa a ƙarƙashin kan. Sai kyandir ɗin da ke zaune cikin kofin, shi ne mai aikin tacewa. Ruwa yana shiga ya kewaye kyandir ta waje, ya ratsa jikinsa zuwa ramin tsakiya, ya hau sama ya fita.

Duk filtar da ta tare datti tana cin wani abu daga ƙarfin ruwa, kuma cin yana ƙaruwa kullum har ranar da aka sauya kyandir. Saboda haka girman filta, lambar kyandir, wurin kafawa da ranar sauyawa duk suna rataye ne a kan tambaya ɗaya: matsin ruwa nawa kake da shi, kuma nawa za ka iya sadaukarwa? Za mu bi misalin gida ɗaya tun daga farko: gida mai banɗaki uku, da rijiyar burtsatse, da sumo mai doki ɗaya, da tanki mai lita 2,000 a kan ƙarfe mai tsayin mita 6.

Fara da kwalba

Kafin ka je kasuwa, nemi kwalba fara tas mai lita ɗaya ko fiye, ka tara ruwa daga bakin bututun rijiya kafin ya shiga tanki. Ka ɗebi ɗaya a minti na farko da kunna sumo, ka ɗebi wata bayan ya yi kamar rabin awa yana aiki. Ajiye su inda ba mai taɓawa.

Abin da ya kwanta a gindi cikin minti ɗaya ko biyu yashi ne. Wanda ya ɗauki awoyi kafin ya kwanta laka ce mai laushi. Idan kwana ya zagayo ruwan yana nan da hazo-hazo, yumɓu ne, kuma kyandir na yau da kullum ba zai kama shi sosai ba. Akwai na huɗu da yake ruɗa mutane da yawa: ruwan ya fito garau, amma bayan awoyi ya koma rawaya ko ja. Wannan ƙarfe ne narkakke a cikin ruwan, sai ya haɗu da iska yake zama tsatsa. Muddin yana narke, zai wuce ta cikin kowane kyandir na laka kamar babu komai a gabansa.

Kwalabe biyun nan ma suna da labarin da suke bayarwa tsakaninsu. Idan ta farko ce kawai mai yashi, ta biyu ta fito fes, abin da sauƙi. Idan duka biyun suna tara yashi mai yawa, har ana iya ɗiba da cokali, to matsalar a cikin rijiya take: ko an zura sumo kusa da ƙasa da yawa, ko ragar bututun rijiyar ta fashe, ko ba a wanke ramin da kwamfaresa yadda ya kamata ba bayan haƙa. An fi ganin haka a wuraren da ƙasarsu yashi ce mai zurfi, irin yankin tafkin Cadi da na Sakkwato. Ka kira masu haƙa su ɗaga sumo ko su sake wanke ramin. Filta ba za ta hana yashin cinye fankokin sumo ba, tunda ya riga ya bi ta cikinsu kafin ya iso gare ta.

Lambar maikiron

A jikin ledar kowane kyandir akwai lamba: 50, 20, 10, 5 ko 1. Wannan shi ne girman ƙwayar dattin da yake tarewa, a ma'aunin maikiron. Maikiron dubu ne suke yin milimita ɗaya. Kaurin gashin kai yana wajen maikiron 70, ido kuma ba ya ganin ƙwaya ɗaya da ta gaza kamar 40. Yashi mai laushi yana farawa daga wajen 60 zuwa sama, laka tana tsakanin 2 da 60, yumɓu kuwa ƙasa da 2.

Ƙaramar lamba tana tace abu mafi laushi, tana kuma toshewa da wuri, tana cin matsi da yawa. Mai shago yakan miƙo maka mai lamba 5 ko 1 ya ce shi ne mai kyau. Mai kyau ne ga ruwan da aka riga aka tace, amma idan ka tare ruwan rijiya mai yashi da shi kai tsaye, fatarsa ta waje za ta like cikin 'yan kwanaki alhali cikinsa fari ne sol. Mai tankaɗe ba ta fara da rariya mai laushi a kan garin da ke cike da tsaki. Sai ta fara da mai manyan ido. Ga yawancin gidaje, lamba 50 ko 20 ta isa ta kare shawa, hita, injin wanki da bawul ɗin masai. Ka fara da babbar lamba. Idan bayan mako biyu har yanzu kana ganin laka a gindin bokiti, sai ka sauko mataki ɗaya. Idan ruwan yana buƙatar lamba 5, a sa filta biyu a jere, mai 50 ko 20 a gaba, mai 5 a bayanta.

Ka kuma sani cewa lambar da ke kan yawancin kyandirorin kasuwa kimantawa ce. Mai lamba 5 yana kama mafi yawan ƙwayoyin da suka kai wannan girma, wasu kuma suna sulalewa. Akwai masu tsayayyar lamba da ke kama kusan duka, sun fi tsada, kuma ba su ake buƙata don kare famfunan gida ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kada kowa a gidan ya ɗauka ruwan ya zama na sha don ya fito garau. Ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot sun fi ƙanƙanta da abin da kyandir mai lamba 5 yake tarewa, gishiri da sauran abubuwan da suka narke kuwa ko kusa. Tafasawa ko sa kulorin yana nan a matsayinsa.

Kyandirori iri uku ne za ka fi samu. Akwai fari mai kama da soso mai tauri, na roba narkakkiya, wanda yake kama datti a cikin kaurin jikinsa; yana da araha, ba a wanke shi. Akwai na zare da aka naɗe a kan bututu, aikinsu kusan ɗaya ne. Sai mai ninki-ninki, wanda aka lanƙwasa yadinsa sau da yawa don faɗin fuskarsa ya ƙaru. Shi ne mafi ƙarancin cin matsi, kuma idan na foliyesta ne ana iya wanke shi a mayar sau da dama. Na takarda kuwa a guje shi a ruwan rijiya marar kulorin, domin ƙwayoyin halitta suna cin takardar ta ruɓe. A cikin masu kama da soso akwai mai lamba biyu, misali 50 a waje 5 a ciki, kuma yana daɗewa fiye da mai lamba 5 zalla.

Inda yashi ya yi yawa, a sa raga mai bawul a gindi kafin kowace filta. Mai ido 100 tana tare abin da ya kai wajen maikiron 150, kuma buɗe bawul ɗin kawai ake yi yashin ya zube.

Lissafin matsi, da wurin da filta za ta zauna

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka bari mu zauna a kai. Tsayin ruwa mita 10 yana ba da matsi kusan bar 1, wato wajen psi 14 da rabi a gejin auna matsi da ke da wannan ma'aunin. Kowace mita ɗaya kenan bar 0.1 ce.

A gidan misalinmu gindin tanki yana mita 6 daga ƙasa, kan shawa yana mita 2. Tazarar mita 4 ce, wato bar 0.4 idan tanki ya kusa ƙarewa, ta ɗan haura 0.5 idan ya cika. Abin da shawa take da shi kenan duka, tun kafin gogayyar bututu ta ci nata kason.

Yanzu a ce an sa ƙaramar filta, mai kyandir inci 10 a tsayi da inci 2 da rabi a kauri, lamba 5, a kan bututun da ya sauko daga tankin. Sabon kyandir irin wannan, da ƙofofin kansa na inci uku bisa huɗu, yakan ci kamar bar 0.15 idan ruwa yana gudu wajen lita 20 a minti. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin gidan ya tafi a ranar farko. Da laka ta ƙara masa bar 0.2, shawa ta koma ɗiga, hita ta daina ba da ruwa, mutanen gida su fara zargin tanki ko mai gyaran famfo.

Takardun da ke zuwa da irin waɗannan filtoci sukan ce a sauya kyandir idan faɗuwar matsi ta kai psi 10 zuwa 15, wato bar 0.7 zuwa 1. An rubuta wannan ne don gidajen da ruwa yake shigo musu da bar 3 ko 4, kamar na Amurka da Turai. Gidan da duk abin da yake da shi bar 0.4 ne ba zai taɓa ganin wannan lambar a geji ba. Ruwan zai tsaya tun kafin nan.

Don haka wurare uku ne, kuma kwalbar da ka ajiye ita za ta zaɓa maka.

Idan dattin yashi ne da laka, a sa filta tsakanin rijiya da tanki, inda sumo yake turo ruwa da ƙarfi. A nan asarar bar 0.5 ba ta taɓa shawa, sai dai tanki ya ɗan jima kafin ya cika, kuma tankin ma ya huta da tara laka. A ra'ayina wannan ne wurin da ya fi dacewa da yawancin gidaje masu rijiyar burtsatse. Amma yana da haɗari ɗaya da dole a tare. Idan kyandir ya toshe gaba ɗaya sumo yana aiki, ko wani ya rufe bawul bai kashe wuta ba, matsi zai hau har ƙarshen ƙarfin sumon. Duba jikin kwalinsa: idan an rubuta yana iya tura ruwa mita 90, ruwan rijiyar kuma yana zurfin mita 20, to a bakin filta za a iya samun mita 70, kusan bar 7. Manyan kofuna da yawa iyakarsu wajen bar 6 ce. Ga shi kuma ruwan da ke wucewa shi ne yake sanyaya motar sumo. In ya tsaya, motar ta yi zafi ta ƙone. Maganin shi ne bawul mai sakin matsi, a sa shi kafin filta, a saita shi ya buɗe a wajen bar 4, bakinsa ya zuba inda za a gani. Ko kuma suwic mai kashe sumo idan matsi ya wuce iyaka. Kuɗinsu bai kai kusa da na sabon sumo da ladan ciro shi ba.

Idan ruwan mai ƙarfe ne, wanda yake fitowa garau ya yi ja daga baya, filta kafin tanki ba za ta kama komai ba. Sai a bar ruwan ya faɗa tanki ta sama ya sha iska, tsatsar ta fito ta kwanta, sannan a tace bayan tanki. A nan ko dai a sa famfon ƙara ƙarfi bayan tanki, filtar ta biyo bayansa, ko kuma a yi haƙuri da ɗan matsin da ake da shi. Filta tana zama a gefen da famfo yake turawa, ba a gefen da yake zuƙa ba, domin toshewa a bakin zuƙa tana sa shi shan iska ya lalace.

Idan babu famfon ƙara ƙarfi, nauyin ruwan tanki kaɗai ne, to sai babbar filta, wadda ake kira jambo: kyandir inci 20 a tsayi, inci 4 da rabi a kauri, mai ninki, lamba 20 zuwa 50, ƙofofi inci 1 ko fiye. Irin wannan sabo ba ya cin ko bar 0.1 a gudun da gida yake buƙata. A kuma ɗaga bakin fitar ruwa daga gindin tanki da 'yan santimita don kada ya riƙa jan abin da ya kwanta.

Ko a gefen sumo ma jambo nake zaɓa. Gidanmu na misali sumonsa yana ba da lita 30 a minti, ƙaramar filta kuwa an yi ta ne don wajen lita 20. Kuɗin sayen jambo ya fi yawa, amma yana ɗaukar datti ninki da yawa kafin ya toshe, kuma wanda yake kwance kofi sau biyu ko uku a shekara ya fi wanda yake kwancewa duk wata samun zoben roba mai lafiya.

Kafawa

Zaɓi bango a inuwa. Rana tana busar da robar kofi ta yi gautsi, kuma wasu manyan kofuna an rubuta musu kada ruwa ya wuce digiri 38, abin da bututun da ya sha ranar Afrilu yake iya wucewa. Kofi mai haske da ake ganin ciki yana da daɗin dubawa, amma haske yana sa gansakuka ta tsiro a cikinsa; idan a waje ne a ɗauki shuɗi, ko a yi masa akwati. Kada a sa wannan filta a layin ruwan zafi.

Ɗaure ƙarfen rataye a bango da kusoshi masu ƙwari. Jambo cike da ruwa yana kai kilo goma, bai kamata bututu ya ɗauki wannan nauyin ba. Bar fili a ƙarƙashin kofi wanda zai isa a sauke shi, bokiti kuma ya shiga.

Tsarin bututun daga gefen rijiya haka yake: bawul mai sakin matsi, mahaɗar hanyar ratse, bawul na shiga, geji na farko, mahaɗin da ake iya kwancewa wato yuniyon, filta, yuniyon, geji na biyu, bawul na fita, sai inda hanyar ratse ta dawo. Hanyar ratsen bututu ne da ya tsallake filta, da nasa bawul da yake a rufe kullum, sai ranar gyara ko ranar da kyandir ya toshe babu sabo a gida. Dubi saman kan filta: an rubuta IN a ƙofar shiga, OUT a ta fita. Idan aka juya su ruwa zai bi ta ciki zuwa waje, ƙaramar fuskar ramin tsakiya ta toshe nan da nan.

A zaren ƙofofi a naɗa farin tef kawai. Man like zare da gam ɗin bututu suna iya cin robar kan ta tsage daga baya. A murɗa da hannu, a ƙara kaɗan da sifana, a tsaya. Idan mahaɗin ƙarfe ne ake shigarwa cikin zaren roba, ƙarfi kaɗan ya isa ya tsaga shi. Idan ka ji mahaɗin ya cije bayan zagaye biyu, kada ka tilasta, domin zaren bututu na Amurka da na Ingila sun ɗan bambanta, kuma duka biyun suna yawo a kasuwanninmu. Ka tafi da kan filtar shago a gwada a gabanka.

Batun geji kuma, ka sayi wanda ya dace da matsin wurin. A gefen sumo mai karanta 0 zuwa 6 ya yi. A ƙarƙashin tanki irin wannan allurarsa da ƙyar za ta motsa, sai mai 0 zuwa 1.

Ranar farko ka rubuta lambobi

Geji biyun ba sa faɗin komai idan ruwa a tsaye yake. Ko kyandir ya toshe kamar dutse, in ba a buɗe famfo ba, matsin zai daidaita su nuna lamba ɗaya. Bambancin yana fitowa ne idan ruwa yana gudu, kuma yana ƙaruwa da yawan gudun. Don haka kullum a auna a yanayi iri ɗaya: a gefen rijiya, sumo yana aiki, a gefen gida, famfuna biyu da aka saba buɗewa, tanki a cike. Mai sumon sola ya auna da tsakar rana, tunda ƙarfinsa yana bin rana.

A gidan misalinmu, da sabon jambo mai lamba 20, ruwan yana hawa mita 7 da rabi zuwa bakin tanki. Geji na fita ya nuna bar 0.8, na shiga 0.9. Bambanci 0.1. Tanki yana cika daga wofi cikin minti 67, wato lita 2,000 a raba da 30. A rubuta waɗannan da kwanan wata a bango kusa da filta, ko a kan tef a manna a jikin kofi.

Sai a riƙa leƙawa sau ɗaya a mako. Makonnin farko allura kusan ba ta motsi. Daga baya geji na shiga ya kai 1.1, ya kai 1.2, na fita yana nan kusa da 0.8, domin tsayin tanki bai sauya ba. Abin lura shi ne hawan ba a hankali yake ƙarewa ba. Da ramukan kyandir suka ragu, ruwan duka yana matsuwa ta 'yan waɗanda suka saura, su ma su toshe da sauri. Tafiyar da ta ɗauki wata biyu daga 0.9 zuwa 1.2 tana iya ɗaukar mako ɗaya daga 1.2 zuwa 1.6. A gefen sumo ina sauyawa idan bambancin ya kai bar 0.7, wato geji na shiga yana wajen 1.5. A lokacin sumo yana aiki kamar an ƙara wa tanki tsayin mita 7, cikawa ta fara jinkiri, fetur ɗin janareta yana tafiya a banza.

A ƙarƙashin tanki iyakar ta fi kusa sosai. Kada filta ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na matsin da ake da shi, wato wajen bar 0.15 a gidan da ke da 0.4 zuwa 0.5. Wanda ba shi da geji ya yi amfani da jarka mai lita 20 da agogon waya, a famfo ɗaya, tanki a cike. Idan da sabon kyandir tana cika cikin minti ɗaya da rabi, yau kuma ta haura minti biyu, lokaci ya yi. Don tabbatarwa, buɗe hanyar ratse ka sake aunawa. Idan gudun ya dawo, kyandir ne. Idan bai dawo ba, ka duba ragar bakin famfon ko iska a bututu, kada ka yar da kyandir mai sauran aiki.

Launi ba hujja ba ce. Kyandir yana iya yin ja wur cikin kwana uku a ruwa mai ƙarfe yana kuma wuce ruwa lafiya, wani kuma yana nan fari-fari farar laka ta like shi. Kalanda ma ba ta san damina ba, lokacin da ruwa yake gurɓacewa kyandir ya cika da wuri, ba ta kuma san ranar da ruwan famfon gwamnati ya dawo bayan ɗaukewa ya kwaso tsatsar bututu ba. Inda kalanda take da amfani shi ne iyaka ta sama: ko geji bai motsa ba, kada kyandir ya wuce wata shida a ciki, musamman a ruwa marar kulorin, domin dattin da ya tara yana zama gidan ƙwayoyin cuta. Idan ruwa ya fara wari ko ɗanɗanonsa ya sauya, ba a jira.

Alama ɗaya kuma tana kama da albishir alhali akasin haka ce. Idan bambancin da yake hawa ya faɗo kwatsam kusa da sifili ba tare da ka taɓa komai ba, kyandir ya fashe ko ya lotse, ruwa ya sami hanya yana kwashe tsohuwar laka zuwa gaba. A buɗe a ranar.

Sauya kyandir

Kashe sumo ko famfon ƙara ƙarfi tukuna, ka tabbatar ba wanda zai kunna. Rufe bawul na shiga da na fita. Danna jan maɓallin da ke saman kai har ruwa da iska su daina fita. In babu maɓalli, buɗe famfo mafi kusa kafin ka rufe bawul na fita. Kofin da yake da matsi a ciki ba ya kwancewa, kuma yawancin sifanun roba da suka karye a nan suka karye.

Sa bokiti a ƙasa, zura sifanar daga gindin kofi zuwa sama, ka tura hannunta zuwa hagunka idan kana fuskantar filtar. Da ya saki, ka ƙarasa da hannu biyu, ka riƙe shi a tsaye don nauyinsa. Zubar da ruwan, cire kyandir, ciro zoben roba daga raminsa a bakin kofi. Wanke kofin da sabulun wanke-wanke da soso mai laushi, ka ɗauraye, ka zuba ruwa da cokali ɗaya na bilic marar ƙamshi, ka goge ko'ina, ka sake ɗaurayewa sosai. Ɗaga shi ga haske ka duba wuyansa da gindinsa. Duk wata siririyar tsaga na nufin a sayi sabo, ba a like ta. Wasu masu ƙera su ma suna cewa a sauya kofi mai haske bayan shekara biyar, mai duhu bayan goma.

Goge zoben da ramin da yake zama, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sa yoyo. Idan ya baje, ya tsage ko ya saki har ba ya zama a ramin, a sauya. Ya kamata a riƙa ajiye na ko-ta-kwana. Shafa masa man silikon kaɗan. Basilin da man inji suna kumbura wasu nau'o'in roba, a bar su.

Wanke hannu, cire ledar sabon kyandir, zaunar da ramin tsakiyarsa a kan ɗan tudun da ke gindin kofi. Murɗa kofin da hannu har ya zauna daram. Zoben ne yake tare ruwa, ƙarin ƙarfi ba ya ƙara masa komai sai ya matse shi ya lalace, ya kuma wahalar da kai a buɗewa ta gaba. Buɗe bawul na fita gaba ɗaya da na shiga kafin a kunna sumo. Idan a ƙarƙashin tanki ne, buɗe na shiga a hankali kana danne da jan maɓalli har iska ta ƙare ruwa ya fito. Bar ruwan farko ya zube na wajen minti biyar, ka shafa hannu a wuyan kofi ka ji ko akwai damshi, ka tabbatar hanyar ratse a rufe take, sannan ka rubuta sababbin lambobi.

Mai ninki na foliyesta ana fesa masa ruwa a hankali tsakanin ninkin, ba a goga masa buroshi. Bayan kowace wanka ka duba bambancin geji. Idan ya daina komawa kusa da lambar ranar farko, ya gama aiki.

Kada ka jefar da tsohon kyandir mai kama da soso sai ka yanka shi biyu da wuƙa ka dubi faɗinsa. Idan datti ya tsaya a fatar waje, ciki fari, lambar ta yi masa ƙanƙanta ga wannan ruwan: hau zuwa babbar lamba ko ka sa raga a gabansa. Idan launin ya shiga yana raguwa zuwa tsakiya, zaɓin ya yi daidai. Idan ya yi duhu har ramin tsakiya, laka tana wucewa, sai a ƙara filta ta biyu mai ƙaramar lamba a bayansa. Idan kuma kusan tsaf yake amma gida yana ganin datti, dubi bakunansa biyu: ya kamata a ga zagayen shaidar inda kai da gindin kofi suka danne shi. In babu, kyandir ɗin ya gaza tsayi ruwa yana bi ta gefe, sai a tafi da tsohon shago a gwada tsayinsa da sabon kafin a biya. Yauƙi mai launin tsatsa da wari kuwa alamar ƙwayoyin da ke rayuwa a kan ƙarfe ne, kuma sai an wanke rijiya, tanki da bututu da kulorin, in ba haka ba sabon kyandir ma zai like cikin 'yan makonni.